Kati Ba Ya Kai Baƙo Masallaci: Abin da Ya Kamata a Rubuta wa Masu Zuwa Biki Kano

Ɗaurin aure a Kano ba ya cin minti goma. Liman ya gyara zama, wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya ce ya bayar, a ambaci sadaki, a faɗa wa shaidu ko lakadan ne ko ajalan, a shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a, shi ke nan an gama. Wanda ya tsaya neman inda zai ajiye mota sai dai ya tarar ana musabaha, ana rabon alewa da dabino. Ɗan gari idan haka ta same shi ba wani abu ba ne, zai yi wa ango Allah ya sanya alheri ya koma kasuwarsa. Amma mutumin da ya taso daga Maiduguri, ya yini a mota yana cin tafiyar kusan kilomita 600, ya biya kuɗin ɗaki, sannan ya iso masallaci ana watsewa saboda ba wanda ya gaya masa cewa a wannan masallacin ƙarfe 1:00 ake tayar da Juma'a, wannan an cuce shi, ko da bakinsa bai furta ba.

A da ba a bukatar dogon rubutu. Goron gayyata ake aikawa, kuma wanda ya kai goron shi ne bayanin: zai zauna ya faɗi rana, ya faɗi gidan da za a sauka, ya faɗi wanda zai tarye ku a tasha. Baƙin ma dangi ne, sun san gidan, sun san lungun. Yau taron biki ya canza fuska. Ango yana aiki a Abuja, abokansa na wurin aiki daga Legas da Jos da Ilori suke. Amarya ta yi karatu a Zariya, ta yi hidimar ƙasa a wata jihar, ƙawayenta sun warwatsu. Ga dangin uwa a Damagaram, ga wani kawu a Kumasi. Katin gayyata kuwa har yanzu yana nan yadda muka san shi: iyalan Alhaji wane da na marigayi Malam wane suna farin cikin gayyatar ku ɗaurin auren 'ya'yansu, rana kaza, wuri kaza, wanda bai samu zuwa ba ya sa mu a addu'a. Kati ne mai mutunci, amma ɗan gari aka rubuta wa shi.

Shi ya sa iyalai da yawa suka fara haɗa katin da wani rubutu mai ɗan tsawo, ko a buga shi a takarda ko a tura ta waya, mai ɗauke da abu uku: taƙaitaccen labarin ango da amarya, jadawalin bukukuwa, da bayanin hanya da masauki ga masu zuwa daga nesa. Abin da na lura da shi a irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne, ƙarfin mai rubutu yakan ƙare a kashi na farko. Labarin soyayya ya cika shafi, jadawali ya zo a layi huɗu, bayanin hanya kuwa bai wuce sunan otal biyu ba. A ganina juya shi ya kamata a yi. Wannan rubutu shi ne ya gaji ɗan aiken da ke kai goro, don haka aikinsa shi ne ya kama hannun wanda bai taɓa taka Kano ba, ya kai shi sahun masallaci kafin liman ya buɗe baki.

Domin maganar ta zauna, mu ɗauki misalin biki guda mu bi shi har ƙarshe. Amarya 'yar Kano ce, gidansu a Gwammaja. Ango ɗan asalin Maiduguri ne mai aiki a Abuja. Kakarta ta wajen uwa da 'yan'uwanta suna Damagaram. An sa rana Asabar ta ƙarshen watan Disamba, ɗaurin aure ƙarfe 11:00 na safe.

Labarin da uba zai iya karantawa

Wanda zai rubuta labarin ango da amarya ya fara tuna su waye za su karanta. Ba ƙawaye kaɗai ba ne. Rubutun zai faɗa hannun mahaifin amarya, da limamin unguwa, da gwaggon ango wadda jikarta za ta karanta mata shi a tsakar gida kowa yana ji. Duk jimlar da amarya ba za ta iya jin ana karanta wa babanta ba tare da ta rufe fuska ta bar ɗakin ba, ba ta da wuri a nan. Kunya a wurinmu ba ado ba ce, da ita ake auna tarbiyyar gidan da aka fito, kuma surukai suna lura tun daga wannan takarda.

Akwai kuma abubuwan da ba kunya ce ta hana su ba, hankali ne. Ba a rubuta yawan sadaki, shaidu za su ji shi a wurin da ya dace. Ba a ƙidaya akwatunan lefe. Ba a kawo zancen manemin da aka rabu da shi, ko cikas ɗin da wani baffa ya kawo kafin a shawo kansa, domin baffan yana nan da ransa kuma zai zo bikin. Idan amarya ta taɓa aure, ko ango yana da uwargida, ba a rubuta labarin da salon da zai ci zuciyar wata mace ko 'ya'yanta. Na ga rubutun da ango ya bayyana amaryarsa da cewa ita ce farin cikinsa na farko, alhali yana da mata da 'ya'ya a gida. Irin wannan kalma tana daɗewa ba ta goge ba.

To me ya rage a faɗa? Abin da baƙo yake son sani, wanda kuma zai amfane shi. A wurin Bahaushe aure haɗuwar gida biyu ne, don haka labarin ya gabatar da gidajen. Mutumin Maiduguri da zai zauna kusa da dattijon Gwammaja a wurin walima yana bukatar abin da zai buɗe gaisuwa da shi. Kuma a nan ne ake warware rikicin suna: sau da yawa sunan da ke kan kati shi ne na yanka, alhali duk duniya da laƙabi ta san mutum. Yarinyar da ƙawayenta suka sani da Ummi ko Mami, kati ya kira ta da sunan kakarta da aka mayar mata, sai wasu su karanta ba su gane bikin wa ake yi ba. Layi ɗaya ya isa ya gyara wannan.

Ga yadda labarin misalinmu zai iya kasancewa: “Wance, wadda aka fi sani da Ummi, 'yar Alhaji wane ce na Gwammaja, jikar gidan wane na Damagaram ta wajen uwa. Wane ɗan marigayi Malam wane ne na Maiduguri, yana aiki a Abuja. Sun san juna ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda yayanta ya kasance abokin karatunsa. Bayan ya kama aiki ya turo magabatansa, aka yi gaisuwa, aka sa rana. Iyalan biyu suna godiya ga Allah da ya haɗa wannan zumunci, suna roƙon addu'arku.” Bai kai kalma tamanin ba, kuma babu wanda zai karanta shi ya sunkuyar da kai. Masu son ƙarin bayani kan yadda aka fara kallon juna, ƙawaye za su ba su a wurin kamu.

Jadawali: wane taro, na su wa, ƙarfe nawa

Nan ne zuciyar rubutun. Bikin Kano ba taro ɗaya ba ne, jerin taruka ne da ke iya cin kwana huɗu ko biyar: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, walima, yinin biki, kai amarya, buɗar kai, ga kuma liyafar dare da 'yan zamani ke kira dina. Ɗan gari ya san wanne ne nasa ba sai an faɗa masa ba. Baƙo bai sani ba. Abokin aikin ango da ya zo daga Legas da matarsa zai ɗauka duk inda aka rubuta tare za su je, sai ya tsinci kansa shi kaɗai namiji a ƙofar gidan da mata suka cika ana kamu, ko ita ta tsinci kanta a harabar masallaci cikin maza zalla, domin a al'adar Kano mata ba sa zuwa wurin ɗaurin aure, suna gida suna jiran a dawo da labari a rangaɗa guɗa. Saboda haka kowane layi na jadawali ya amsa tambaya huɗu: wane taro ne, na maza ne ko na mata ko na kowa, a ina, ƙarfe nawa. Idan shiga sai da kati na daban, kamar yadda ake yi a yawancin dina, a faɗa ƙarara. Ya fi sauƙi mutum ya karanta haka a gidansa da a mayar da shi daga bakin ƙofa yana sanye da anko.

Haka kuma idan dangin ango za su yi wani abu na al'adarsu, kamar wushe-wushen mutanen Barno, a ƙara jimla guda da ke bayyana wa Kanawa mene ne shi da kuma wanda ake sa ran gani a wurin. Bayanin ba na baƙi kaɗai ba ne, gida biyun ma baƙin juna ne.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi kowace wahala domin tana bukatar gaskiya. Kowa ya san cewa a biki ɗaya akwai agogo iri biyu. Ɗaurin aure yana bin agogon gaske, wani lokaci ma yakan riga shi, musamman idan aure da yawa za a ɗaura a masallacin, kamar yadda ake yi a manyan masallatai irin su Alfurƙan da ke Nasarawa ko na Umar bin Khaɗɗabi da ke kusa da Dangi. Liman yana bin takardun da ke gabansa ne, idan waliyyi da wakili suna nan ba ya jiran kowa. Kamu da dina kuwa suna bin agogon kwalliyar amarya: an rubuta ƙarfe 4:00, ba a fara ba sai bayan Magariba. Baƙon da ya je kamu a kan lokaci ya yi zaman awa biyu shi da masu jera kujeru, washegari zai ɗauka ɗaurin aure ma haka ne, sai ya makara a wurin da bai kamata ba. Maganin shi ne a rubuta bambancin a fili. A gaban ɗaurin aure a sa: “Ƙarfe 11:00 daidai. Ba ya wuce minti goma, a kasance a masallaci tun 10:30.” A gaban kamu a sa lokacin da ake tsammanin amarya za ta fito da gaske.

Idan ranar Juma'a za a ɗaura, kada a tsaya a kan “bayan sallar Juma'a”. Masallatan Juma'a na Kano ba lokaci ɗaya suke tayar da salla ba, tsakanin wani da wani akwai tazarar da ta fi awa guda. A je a tambayi ladan ko na'ibi ƙarfe nawa ake huɗuba, ƙarfe nawa ake tayarwa, a rubuta. A kuma shawarci baƙo ya yi sallar a can, domin wanda ya yi a wani masallacin da nufin ya taho daga baya, cunkoson masu fitowa kaɗai ya isa ya hana shi.

Akwai wani tarko a harshenmu da ke kama har 'yan gari. A lissafin Musulunci dare yana gaban yininsa, don haka idan dattijo ya ce “daren Asabar” yana iya nufin daren da Juma'a ta wuce za a wayi gari Asabar, yayin da matashi ya fahimci daren da ya biyo yinin Asabar. Kada a rubuta “daren Asabar” sam. A rubuta “ranar Asabar, ƙarfe 8:00 na dare”, a haɗa da kwanan wata. Haka nan kwanan watan Musulunci yana da kyau a kan kati, amma ya dogara da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, yana iya gocewa da kwana guda daga abin da kalanda ta nuna, kuma Nijar da Najeriya ba kullum suke tashi rana ɗaya ba. Wanda zai yanki tikitin jirgi da kwanan watan boko da sunan rana zai yi aiki. Ga kawun Kumasi kuma, idan za a kira shi a waya ya saurari fatiha daga can, a tuna masa Gana tana bayan Kano da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Nijar da Kamaru da Cadi kuwa agogonsu ɗaya da namu.

Yanzu mu koma ga ranar misalinmu, domin akwai abin da ke ɓoye a cikinta. Asabar ta ƙarshen wata ita ce ranar tsaftar muhalli a Kano, kuma an saba taƙaita zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 7:00 zuwa 10:00 na safe. Ɗaurin aure ƙarfe 11:00. Ma'ana duk garin zai fito titi a lokaci guda, ƙarfe 10:00, kuma baƙon da ya sauka a otal a Hotoro yana da awa ɗaya kacal ya ratsa gari zuwa Gwammaja. Wanda kuma ya ce zai yi sammako daga Kaduna ya iso da safe, zai iya tarar da kansa a tsaye a bakin gari yana kallon agogo. Bakano ya san wannan kamar sunansa, shi ya sa ba ya tuna ya faɗa. Mai rubutu dole ya tuna. Ko dai a rubuta cewa duk mai zuwa ɗaurin aure ya kwana a Kano ranar Juma'a, a masaukin da ke kusa da masallacin, ko kuma iyalai su matsar da lokacin zuwa ƙarfe 12:00 tun kafin a buga kati. Wannan shi ne amfanin zama a rubuta jadawali da wuri: yana tona matsalar da baki bai hango ba.

Kwatancen wuri

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma sunayen unguwannin Kano suna ƙara masa duhu. Rijiyar Lemo tana hanyar Katsina, Rijiyar Zaki tana hanyar Gwarzo, tsakaninsu tafiya ce mai tsawo, amma a kunnen baƙo duk rijiya ce. Akwai Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama. Jami'ar Bayero tana da tsohon mazauni da sabo, kowanne da masallacinsa. Nasarawa unguwa ce, Ƙofar Nasarawa kuma wani wurin ne daban. Tudun Wada akwai unguwa a cikin gari, akwai kuma ƙaramar hukuma can kan hanyar Jos. Mai adaidaita sahu ba zai tsaya tantancewa ba, inda ya ji nan zai nufa.

Kwatance mai kyau yana tafiya daga babba zuwa ƙarami: unguwa, babban titi, sanannen wuri da kowane direba ya sani kamar asibiti ko gidan mai ko makaranta, sannan layi na nawa, hannun dama ko hagu. A tura lokeshan a waya, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, domin a lungunan cikin ganuwa taswira takan ajiye mutum a bayan katangar gidan da yake nema, ƙofar kuwa tana wani lungun. Abin da ya fi aiki shi ne a ba baƙo jimlar da zai faɗa wa direba da bakinsa, gajeriya, irin ta 'yan gari. Kuma ina ganin hikima ce a rubuta adireshin masallaci da na ɗakin taro a takardar da kowa zai gani, a bar kwatancen gidan amarya da gidan da za a kai ta sai ga wanda ya kira ya tambaya. Saƙo yana yawo fiye da inda aka aike shi, kuma gidan da aka yi wa jere cike yake da kaya.

Hanya, kowa da tasa

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a rubuta shawara ɗaya ga kowa. Mutanen Abuja da na Maiduguri da na Damagaram ba ƙofa ɗaya za su shigo ta ba, ba kuma damuwa ɗaya gare su ba. A ware wa kowane ayari ɗan sakin layinsa.

Na Abuja suna da zaɓi uku. Jirgin sama bai cika awa ɗaya ba zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ke cikin gari, kusa ƙwarai da Fagge da Sabon Gari. Amma bikinmu a Disamba yake, tsakiyar hunturu, lokacin da hazo kan sauko ya rufe gari har a jinkirta tashin jirage ko a soke su. Duk wanda ya yanki tikitin safiyar ranar ɗaurin aure ya jingina zuwansa ga iska. Rubutun ya faɗa kai tsaye: a zo ranar Alhamis ko Juma'a da safe, don idan an soke jirgi a samu sararin bin mota. Zaɓi na biyu jirgin ƙasa ne, daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa a Kaduna, layin da aka buɗe a 2016. Abin da baƙo ke bukatar sani shi ne jirgin a Rigasa yake tsayawa, daga nan sai an nemi mota ta Zariya zuwa Kano, wajen kilomita 230, don haka jirgin safe ya kamata a hau, ba na yamma ba. A lokutan hutu tikitinsa yakan ƙare da wuri. Na uku mota ce tun daga Abuja, fiye da kilomita 400, kuma shawarar da ba ta canzawa ita ce a yi sammako a iso da rana. Tsakanin Abuja da Kaduna hanya ce da ta sha fama da masu garkuwa da mutane, jirgin ƙasan ma an kai masa hari a watan Maris na 2022. Ba tsoratarwa ake so ba, amma mai gayya yana da haƙƙin ya rubuta jimla guda: muna roƙon kada kowa ya yi tafiyar dare saboda bikinmu.

Dangin ango daga Maiduguri za su biyo Damaturu da Potiskum da Azare, su shigo ta Wudil. Idan ranar Juma'a suka taso, ranar kasuwar Wudil ce, manyan motocin shanu sukan cushe bakin gada, a ƙara musu lokaci a lissafi. Komawarsu ce ma ta fi bukatar tunani. Saboda matakan tsaro an saba rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma, wanda ya makara sai ya kwana a hanya. Don haka kada a sa wani taro da ya shafe su da hantsin ranar da za su koma. Idan buɗar kai za a yi ranar Lahadi, to Litinin da asuba ce tafiyarsu, kuma masaukinsu ya kai har ranar.

Su kaka daga Damagaram tafiyarsu ta fi ta kowa gajarta, ba ta kai kilomita 250 ba, ta Matamaye su tsallako zuwa Kwangwalam, su bi Daura da Kazaure su shigo ta Dawanau, kusan a ƙofar Gwammaja za su sauka. Abin da ke gabansu iyaka ce. An rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a 2024, kuma dokokin tsallakawa suna iya sauyawa. A wakilta mutum guda ya tambayi direbobin tashar Ƙofar Ruwa halin da ake ciki mako guda kafin biki, ya sanar da su takardun shaidar da za su riƙo. A gaya musu kuma cewa a Wapa da ke Fagge ake canza sefa zuwa naira, kuma layin wayarsu na Nijar ba lalle ya yi aiki yadda suke so ba, don haka a rubuta musu lambar mai tarbarsu a takarda su sa a jaka.

Cikin gari ma yana da nasa bayanin. Baƙon da ya saba hawa acaɓa a garinsu ya san cewa an hana shi a birnin Kano tun 2013, adaidaita sahu ne abin hawa, kuma gara a yi ciniki kafin a shiga. A 2022 gwamnati ta sa dokar hana su aiki daga ƙarfe 10:00 na dare zuwa 6:00 na safe, kuma ko ba doka, dare idan ya yi sukan yi wuya. Dina kuwa ba ta tashi da wuri. Ke nan dole rubutun ya faɗi yadda baƙi za su koma masauki: mota kaza za ta jira a ƙofar ɗakin taro, za ta tashi ƙarfe kaza. Jimla ce guda, amma ita ce ke hana 'yan mata baƙi tsayuwa a bakin titi tsakar dare da takalma masu tsini a hannu.

A kan masauki gaskiya ake bukata fiye da karamci na baki. “Akwai masauki” ba bayani ba ne. Su wa za su sauka a gidan dangi, su wa za su kama ɗaki, kuma wa zai biya? Baƙo yana jin nauyin tambaya, mai gida yana jin nauyin faɗa, a tsakanin nauyin nan biyu mutum yake isowa da dare da kuɗin da bai kai ba. A rubuta cewa mata dangi za su sauka a gidan wance, maza a gidan wane, abokai kuma ga otal biyu ko uku mabambanta farashi kusa da masallaci, kowa zai biya nasa. Disamba da watan Sha'aban da bayan ƙaramar Salla lokutan cunkoson bukukuwa ne a Kano, ɗakuna suna cika, a ce musu su kama da wuri. A ƙara da cewa asubar hunturu a Kano tana da sanyin da ɗan Legas bai sani ba, ya riƙo rigar sanyi da man shafawa. Idan akwai anko, a faɗi kala da kuɗi da ranar da za a rufe karɓa, a kuma rubuta cewa ba dole ba ne, idan har da gaske ba dolen ba ne. Masu niyyar liƙi kuma ya dace su san cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wurin biki, kuma a 'yan shekarun nan an gurfanar da mutane a kanta. Iyalin da suka tanadi kwano ko ambulan su faɗa tun a takarda.

Kasuwar Kwari da Kurmi da marinar Ƙofar Mata da kilishin Agadasawa duk suna iya samun layi ɗaya a ƙarshe, ga mai sauran lokaci.

Abu na ƙarshe shi ne lambar waya, kuma kada ta zama ta ango ko ta amarya. Ranar biki wayar ango tana aljihun babban abokinsa, ta amarya tana hannun mai kwalliya. A zaɓi mutum biyu, namiji ga maza, mace ga mata, waɗanda suka san gari, ba su da wani aiki a ranar sai ɗaga waya, a rubuta sunansu da dangantakarsu da masu biki. Rubutun ya fita aƙalla mako uku kafin rana, domin masu neman izini a wurin aiki da masu yankan tikiti. Idan wani abu ya canza, a sake tura shi gaba ɗaya da kwanan watan gyara a samansa, kada a bi shi da guntayen saƙonni da wani zai gani wani ba zai gani ba.

Kafin ku tura, ku nemi mutum ɗaya cikin baƙin da bai taɓa zuwa Kano ba, ku ba shi ya karanta, sannan ku ce ya faɗa muku da bakinsa ranar da zai taso, inda zai sauka, inda zai kwana, da ƙarfe nawa zai kasance a masallaci. Duk inda ya tsaya yana tambaya, ku koma ku gyara wurin.